Yadda ake haɗa katin zaɓen ɗan wasa na gem daga hotunan mutane

"Assalamu alaikum Malam. Mu shida ne muke haɗa ƙaramin gem na waya, kuma mun yanke shawarar mu sa fuskokinmu a matsayin 'yan wasan da za a riƙa zaɓa. Kowa ya turo hotonsa, na cire bayan hotunan na sa su a firam iri ɗaya da maki a ƙasa, amma da na jera katunan sai suka fito kamar ba na gem ɗaya ba. Ina matsalar take, kuma ta ina zan fara gyara?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Abin da nake so ka fara riƙewa shi ne, firam ba ya haɗa kan hotunan da tun asali suka saɓa wa juna. Idon mai kallo fuska yake fara nema, kuma kafin ya lura da kalar firam ya riga ya ga cewa kan wannan ya fi na wancan girma, hasken wannan daga hagu ya zo na wancan kuma daga sama, wannan an ɗauke shi a rana tsaka wancan a ɗaki ƙarƙashin ƙwan lantarki. Lamarin kamar ankon biki ne da aka kai wa teloli shida: yadi ɗaya ne, amma ɗinkin ne zai nuna ko an yi shawara ko ba a yi ba. Saboda haka yawancin abin da zan faɗa maka a kan hotunan ne, firam da maki za su biyo baya.

Amfani da hoton mutum na gaske a gem ba sabon abu ba ne. Mortal Kombat na farko da kamfanin Midway ya fitar a 1992 da hotunan mutane na gaske aka yi 'yan wasansa, kuma abin da ya sa suka zauna da juna a allo shi ne masu gem ɗin ne da kansu suka ɗauki hotunan da nufin wannan aiki, ba tattaro su suka yi daga wurare daban-daban ba. Hanyar da ta fi sauƙi a gare ku ita ce wannan ɗin.

Ku sake ɗaukar hotunan idan da hali

Idan ku shidan kuna gari ɗaya, ku haɗu wuri ɗaya ku ɗauki hotunan da waya ɗaya cikin awa ɗaya, domin wannan awar za ta rage maka aikin gyara na kwanaki. Ku nemi inuwa mai yalwar haske, kamar ƙarƙashin rumfa ko bakin ƙofar ɗaki da hantsi, yadda haske zai zo daga gefe ɗaya ba daga saman kai ba. Rana tsaka tana jefa inuwa a cikin kwarmin ido da ƙarƙashin hanci, kuma tana sa goshi ya yi ƙyalli har fatar wurin ta koma fari fat. Wannan farin ba ya gyaruwa daga baya, saboda kyamarar ba ta adana komai a wurin ba. Ku yi alama a ƙasa inda kowa zai tsaya, sannan ku yi wata alamar inda mai ɗauka zai tsaya, tazarar ta kai kamar mita 2, kyamarar kuma ta kasance daidai tsayin idon wanda ake ɗauka, ko dogo ne ko gajere.

Maganar tazara tana da dalili. Hoton da mutum ya ɗauki kansa da hannunsa yana kusa da fuska ƙwarai, don haka hanci da goshi suna fitowa da girma, kunnuwa kuma su ja baya su ƙanƙance. Idan ka ajiye irin wannan kusa da hoton da aka ɗauka daga nesa, ko ka daidaita girman kawunan, siffar fuskokin ba za ta yi kama da wadda aka ɗauka daga tazara ɗaya ba, kuma babu maɓallin da zai mayar da ita. Ina kyautata zaton a cikin hotunanku shida akwai irin wannan cakuɗuwar.

Bango ya zama fili mai kala ɗaya, ba fari tas ba kuma ba baƙi ba. Farin bango yana yaudarar kyamarar waya ta rage haske, sai fuskar mai duhun fata ta nutse, baƙin bango kuma yana haɗe gashi da baya har ka rasa inda za ka yanke. Bangon siminti mai ruwan toka ya wadatar, mutum ya matso gaba da shi kamar taku biyu don kada inuwarsa ta faɗa a kai. Ku kashe duk abin da wayar ke yi na gyaran fuska da dusashe baya, domin dusashewar tana cinye gefen kunne da bakin hula. Abu na ƙarshe, kowa ya riƙe farar takarda a ƙirjinsa a ɗauki hoto ɗaya da ita kafin ainihin hoton. Za ka ga amfaninta a gaba. Kuma a turo maka hotunan a matsayin fayil, domin idan aka tura su ta WhatsApp a matsayin hoto na yau da kullum, manhajar tana matse su ta rage ingancinsu.

Ma'aunin kati, da lissafin girman fuska

Ni nakan yi aiki a kan kati mai faɗin fiksel 750 da tsayin 1050. Wannan shi ne rabon 5 da 7 na katin karta, mai inci 2.5 da inci 3.5, kuma idan wata rana kuka so ku buga katunan a takarda girman ya isa. Ka bar gefe na fiksel 40 a kowane ɓangare don firam. Idan muna ƙirgawa daga sama zuwa ƙasa, tagar hoto za ta fara daga 40 ta ƙare a 690, allon suna ya ɗauki daga 690 zuwa 790, sashen maki kuma daga 790 zuwa 1010. Ka gina wannan sau ɗaya a manhajar gyaran hoto irin GIMP ko Krita ko Photopea, ka adana shi a matsayin uwar fayil, kowane kati kuma daga gare ta za a kwafo shi.

Yanzu ga abin da ya fi komai muhimmanci a aikin. Ka ja layukan jagora guda biyu a kwance, ɗaya a 290 ɗaya a 470, sannan ɗaya a tsaye a 375, wato tsakiyar kati. Idanun kowane mutum za su zauna a kan layin 290, ƙarshen haɓarsa a kan layin 470, tsakiyar fuskarsa kuma a kan layin tsaye. Ke nan tazarar ido zuwa haɓa fiksel 180 ce a kowane kati. Mutane da yawa suna auna kai daga saman gashi zuwa haɓa, amma wannan ba ya yi mana aiki, domin a cikinku za a sami mai hula, da mai askin ƙwal-kwabo, da mai tara suma, wataƙila da mai ɗankwali ko hijabi. Idan ka auna daga saman hula, fuskar mai hula za ta fito ƙarama fiye da ta kowa. Ido da haɓa ne suke nan a kowace fuska. Ga mai gemu, ka ƙiyasta inda ƙashin haɓa ya ƙare, kada ka bi ƙarshen gemun.

Lissafin kansa mai sauƙi ne. Ka buɗe hoton, ka auna daga tsakanin idanu zuwa haɓa da abin awo na manhajar, sannan ka raba 180 da abin da ka samu. Idan a hoton mutum na farko ka sami 450, to 180 a raba da 450 ya ba ka 0.4, sai ka rage hoton zuwa kashi 40 cikin 100. Idan a na biyu ka sami 300, ka rage shi zuwa kashi 60. Idan kuwa a na uku ka sami 150, lissafin zai ce ka ƙara shi zuwa kashi 120, kuma wannan gargaɗi ne: hoton da aka ƙara wa girma yana dushewa, kuma a tsakiyar 'yan'uwansa masu kaifi nan take za a gane shi. Duk hoton da lissafinsa ya haura kashi 100, a sake ɗaukarsa ya fi.

Da wannan ma'auni, saman kai zai faɗo kusan 110, domin idanu suna kusan tsakiyar kai, sai a sami sararin fiksel 70 kafin firam. Doguwar hula ko babban ɗaurin ɗankwali za su iya wuce wannan sarari. Kada ka ƙanƙantar da mutumin saboda haka. Ko dai ka bar firam ya yanke saman hular, ko ka ɗora hular a kan firam ta leƙo waje kaɗan, wanda ni na fi so domin yana sa mutum ya yi kamar zai fito daga katin. Wanda duk ka zaɓa, ka bi shi a dukkan katunan.

Akwai jarabar juya hoto don kowa ya kalli gefe ɗaya. Ka yi hattara da ita, domin juyawar tana mayar da hasken hagu zuwa dama, tana kuma birkita duk rubutun da ke jikin riga. Tun wurin ɗauka za a ce kowa ya karkata kafaɗarsa kaɗan zuwa gefe ɗaya ya kalli kyamara.

Yanka, kala da salo

Wajen cire baya, ka yi amfani da `Layer Mask` maimakon gogewa, saboda abin da ka ɓoye da shi kana iya dawo da shi. Matsalar da ta fi yawa ita ce wani siririn zare mai haske da ke zagaye kai da kafaɗu, wato ragowar bangon asali. Don ka gan shi, ka sa leya mai ja ƙwarai a bayan mutumin ka duba, sannan ka sauya ta da baƙa ka sake dubawa. Maganinsa a GIMP shi ne ka ja zaɓin ciki da `Shrink` fiksel 1 ko 2, ka tausasa bakinsa da `Feather` fiksel 1. Manhajojin da ke cire baya da kansu suna rage aiki, amma sau da yawa suna kuskure a gashi da tsakanin hannu da jiki, don haka sai ka bi su da idonka.

Sai kala. A nan ne farar takardar take aiki. Ka buɗe `Levels`, ka ɗauki abin tsinkar fari ko na toka ka taɓa takardar, ka adana saitin, sannan ka ɗora shi a kan ainihin hoton mutumin. Abin da kake daidaitawa shi ne kalar hasken, wato jan da ƙwan lantarki ke sawa ko shuɗin da inuwa ke sawa. Ina so in jaddada cewa ba kalar fatar mutane kake daidaitawa ba. A cikinku akwai fari akwai wankan tarwaɗa akwai baƙi, kuma haka ya kamata su fito. Wanda ya ɗauki hasken fatar mutum ɗaya ya ce sai kowa ya yi daidai da shi, zai ƙare da fuskoki masu toka-toka kamar an shafa musu hoda, kuma masu fuskokin ba za su gane kansu ba. Abin da za ka tabbatar kawai shi ne a kowace fuska ana ganin ido da gefen hanci da layin muƙamuƙi. Idan sun nutse, ka ɗaga tsakiyar layin `Curves` kaɗan, ka bar ƙarshensa biyu yadda suke. Idan tsofaffin hotuna ka daure da su babu takarda, ka nemi wani farin abu a cikin hoton, kamar riga, ka yi da shi.

Bayan wannan ne za ka ɗora salo guda a kan kowa, kuma salon nan shi ne yake rufe ƙananan bambance-bambancen da suka rage. Hanya mai sauƙi ita ce `Posterize` a mataki 5 ko 6, wanda ke mayar da hoto kamar zanen fenti mai faci-faci. Sai dai a fuska mai duhu yakan dunƙule kumatu da goshi su zama faci ɗaya idan ba ka fara ɗaga tsakiyar hasken ba, don haka tsarin aikin shi ne kala da haske da farko, salo daga baya. Wata hanyar ita ce `Gradient Map`, inda kake mayar da hoton duka zuwa kala biyu ko uku, misali shuɗi mai duhu a inuwa da ruwan ƙasa mai haske a wurin haske. Wannan ita ce ta fi ɓoye saɓanin hotuna, kuma ita nake ba wa shawara ga wanda ba zai iya sake ɗauka ba, amma farashinta shi ne kalar tufafi ta tafi. A ƙarshe ka zagaye mutumin da layi mai kaurin fiksel 6, kala ɗaya ga kowa. Layin yana raba shi da baya, yana kuma rufe ɗan kuskuren yanka. Duk lambar da ka yi amfani da ita ka rubuta ta a takarda, domin ranar da mutum na bakwai ya shigo ƙungiyar ba za ka tuna ba.

Bayan katin kuwa ya zama mai sauƙi: zane ɗaya ga kowa, kala ce kawai za ta bambanta. Kuma kala shidan su kasance masu kusancin haske, kada ɗaya ta yi rawaya mai kashe ido ɗaya kuma ta yi shuɗi kusan baƙi, in ba haka ba katin rawayan zai riƙa jan ido kamar shi aka riga aka zaɓa.

Firam

A nan ba sai na tsawaita ba. Firam ɗaya za ka zana, ka fitar da shi a matsayin PNG mai huda a tsakiya, ka bar shi daban da hoton. Idan da manhajar haɗa gem ta Godot kuke aiki, `NinePatchRect` zai ba ka damar miƙa shi ba tare da kusurwoyin sun lalace ba, a Unity kuma ana saita iyakokin a `Sprite Editor`. Abin da ake yawan mantawa shi ne kati yana da yanayi fiye da ɗaya: wanda ba a taɓa ba, wanda aka zaɓa, da wanda yake kulle. Kada bambancin wanda aka zaɓa ya tsaya a kala kawai, domin akwai masu wahalar bambanta ja da kore, kuma allon waya a rana yana wanke kala. Ka ƙara masa girma kamar kashi 10, ka kuma ƙara kaurin firam ɗinsa.

Maki

Katunan gem ɗin ƙwallo na FIFA, wanda ya koma EA Sports FC a 2023, suna ɗauke da maki shida ga kowane ɗan wasa, kuma da yawa daga nan suke kwaikwayo. Ga ƙaramin gem irin naku huɗu sun isa, kuma sharaɗina ɗaya ne: duk makin da aka rubuta a kati ya zama yana canza wani abu a cikin wasan. Idan an rubuta Gudu 8 amma kowa gudunsa ɗaya, mai wasa zai gano, daga nan kuma ba zai sake yarda da katin ba.

Tunda fuskokin abokai ne, akwai wata matsalar da ba ta fasaha ba, wato kowa zai so makinsa ya fi. Maganinta shi ne jimla ɗaya ga kowa. A ce makin huɗu ne, Ƙarfi, Gudu, Tsaro da Dabara, kowanne daga 1 zuwa 10, jimlar kuma 24. Wani zai sami 9, 4, 7, 4, wani 4, 9, 4, 7, wani kuma 6, 6, 6, 6. Babu wanda ya fi wani a jimla, amma kowa yana da halinsa, kuma mai wasa yana da dalilin zaɓe. Ka guji bambanci ƙarami irin 6 da 7 a ko'ina, domin a sanda ba ya ganuwa. Kowane ɗan wasa, ban da wanda aka yi shi matsakaici da gangan, ya sami abu ɗaya da ya yi fice a kai da abu ɗaya da ya gaza. Jimla ɗaya ba ta tabbatar da adalci a cikin wasan, domin wataƙila a gem ɗinku Gudu ya fi Tsaro amfani nesa ba kusa ba, kuma wannan sai an buga an gwada ake gane shi.

A sashen maki kana da tsayin fiksel 220, wato 55 ga kowane layi. Sandar da ta cika ta zama fiksel 400, kowane maki ɗaya fiksel 40, saboda haka maki 9 sanda ce mai 360, maki 4 kuma mai 160. Ka nuna ragowar sandar da kala mai duhu don a san inda iyaka take, ka sa lambar a ƙarshenta, kuma jerin makin kada ya sauya daga kati zuwa kati.

Kada ka manna suna da maki a cikin hoton. Ka bar su a fayil, gem ɗin ya zana su da kansa:

```
{"suna": "Guguwa", "hoto": "guguwa.png",
 "karfi": 4, "gudu": 9, "tsaro": 4, "dabara": 7}
```

Da haka, idan gwaji ya nuna dole a rage wa wani Gudu, lamba ɗaya za ka canza. Sannan ka gwada nau'in haruffan da ka zaɓa da ƙ, ɗ da ɓ tun kafin ka ƙaunace shi, domin yawancin haruffan ado na gem ba su da su, sai ka ga akwati a madadin harafin farko na Ƙarfi. Noto Sans da Andika suna da su. Ka kuma gwada allon suna da sunan da ya fi kowanne tsawo a cikinku.

Kafin ku saki gem ɗin, kowa ya ga katinsa da laƙabinsa da makinsa ya amince, kuma ya fi kyau amincewar ta zama a rubuce, ko da saƙo ne, tare da yarjejeniyar abin da za a yi da fuskar wanda ya bar ƙungiyar daga baya.

Gwaji a ainihin girman

Katin da kake gani a kwamfuta ba shi mai wasa zai gani ba. A waya mai allon fiksel 1600 da 720 idan an kwantar da ita, katuna shida a jere kowanne zai sami faɗin kusan 240, wato kashi 32 cikin 100 na girman asali. Sunan da ka rubuta da tsayin 64 zai koma kusan 20, ana iya karanta shi, amma rubutun maki mai 34 zai koma kusan 11, wanda sai an ƙura ido. Shi ya sa nake raba katin gida biyu: ƙarami mai fuska da suna kawai a cikin jeri, da babba mai maki wanda ke bayyana idan an taɓa ɗan wasa. Ka fitar da ƙaramin da girmansa daban, domin hoto mai 750 da 1050 idan ba a matse shi ba yana cin kusan megabait 3 na ƙwaƙwalwar waya, ko da fayil ɗinsa ƙarami ne.

Gwaji biyu nake yi kafin in ce aiki ya kammala. Na farko, in jera katunan shida in mayar da su baƙi da fari. Duk wanda ya fi sauran haske ko duhu zai fito fili, sai in koma kansa. Na biyu, in ɗora su a wayar da ta fi kowace arha a cikin ƙungiyar, in fita da ita waje, in miƙa wa wanda bai san aikin ba in ce ya nuna mini wanda ya fi gudu da wanda aka zaɓa yanzu. Idan ya yi jinkiri a tambayar farko, sandunan maki ne ke buƙatar gyara, idan kuma a ta biyu ne, sai a ƙara wa firam ɗin zaɓe kauri.